Illar Daɗewa a Kan Magungunan Wankin Ciki Masu Zaburar da Hanji da Hanyoyin Magance Taurin Bayan Gida

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin abin da ke samun mutum idan ya daɗe yana shan filasko, ko bisakodil, ko dangoginsu, domin samun sauƙin bayan gida. An bi rubuce-rubucen likitocin ciki daga 1943 zuwa ƙa'idojin magani na 2023. Abin da ya bayyana shi ne, zancen da ya yaɗu cewa waɗannan magunguna suna kashe hanji ba shi da ƙwaƙƙwarar hujja muddin an tsaya a kan ƙa'idar sha. Illar da aka tabbatar tana zuwa ne daga ƙara yawan magani babu awo, wanda ke janyo zubewar ruwa da sinadarin fotasiyam, ya kuma rufe wata cutar da ke ƙasa. An kawo misali ɗaya domin nuna yadda ake raba mutum da maganin a hankali.

Gabatarwa

A likitance, ba duk wanda ya kwana bai zaga ba ne ake cewa yana da taurin bayan gida. Ma'aunin Rum na huɗu, wanda aka fitar a 2016, ya gindaya cewa sai mutum ya haɗa aƙalla alamomi biyu cikin shida na tsawon wata uku. Daga cikinsu akwai zagawa ƙasa da sau uku a mako, da yawan yunƙuri, da fitar bayan gida mai tauri, da jin cewa bai gama fita ba. Ke nan mai zagawa bayan kowane kwana biyu cikin sauƙi lafiyarsa ƙalau. Wannan bayani yana da nauyi a ƙasar Hausa, inda da yawa suka tashi da fahimtar cewa ciki yana tara datti, dole a wanke shi lokaci zuwa lokaci. Ganyen filasko ya daɗe a hannun masu maganin gargajiya, kuma shi ɗin ne dai ake samu a cikin ire-iren shayin rage ƙiba da dama.

Yadda maganin yake aiki

Sinadarin da ke cikin filasko, wato senosaid, yana wuce tumbi da ƙaramin hanji ba tare da ya yi komai ba. Sai ya isa babban hanji ƙwayoyin bakteriya suke farfasa shi ya zama mai ƙarfi. A nan yake aiki biyu: yana zaburar da jijiyoyin bangon hanji su matsa da ƙarfi, yana kuma sa hanjin ya zubo ruwa da gishirin jiki maimakon ya tsotse su. Shi ya sa wanda ya sha da dare yake gani da safe, bayan awa 6 zuwa 12. Bisakodil da sodiyam fikosalfet ma a babban hanjin suke aikinsu. Babba yakan sha miligiram 5 zuwa 10 na bisakodil, ko 7.5 zuwa 15 na senosaid, kafin kwanciya.

Daga wannan ake gane cewa maganin ba ya rage ƙiba. Kafin abinci ya kai babban hanji, ƙaramin hanji ya riga ya tsotse kusan duk amfaninsa. Abin da sikeli yake nunawa ya ragu ruwa ne, kuma zai dawo.

Shin yana kashe hanji?

A 1943 Heilbrun ya bayyana hoton babban hanjin wata mata da ta shafe shekaru tana shan maganin wankin ciki, hanjin ya buɗe, lanƙwasarsa ta shafe. A 1968 Barbara Smith ta ba da rahoton lalacewar jijiyoyin bangon hanji, ta danganta hakan da filasko. Daga nan tsoron ya shiga littattafan koyarwa. Sai dai da Arnold Wald ya sake bin hujjojin a 2003, sannan Müller-Lissner da abokan aikinsa a 2005, sun nuna raunin wannan gini. Marasa lafiyar da aka duba kaɗan ne, sun sha fiye da ƙima nesa ba kusa ba, wasu kuma sun sha magungunan da aka daina amfani da su yanzu. Ba a kuma iya rarrabewa ko maganin ne ya lalata jijiyar, ko lalacewar jijiyar ce tun farko ta kai mutum ga maganin.

Akwai canji ɗaya da ba a musu a kansa. Wanda ya yi watanni yana shan filasko, fatar cikin babban hanjinsa tana rinewa ta yi ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi, abin da ake kira melanosis koli. Ana ganinsa idan aka zura na'urar leƙen hanji. Ba a ɗauke shi a matsayin cuta mai haɗari ba, kuma yakan washe cikin kimanin shekara guda bayan an daina. Amfaninsa ga likita shi ne shaida, domin yana nuna an daɗe ana sha ko da mara lafiya bai faɗa ba.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce an wanke magungunan daga zargi. Gwaje-gwajen da suka tabbatar da amfanin sodiyam fikosalfet a 2010 da bisakodil a 2011 na mako huɗu ne kacal. Saboda haka ne ƙa'idojin haɗin gwiwa na ƙungiyoyin likitocin ciki biyu na Amurka a 2023 suka amince da su don ɗan gajeren lokaci, ko don agaji idan abu ya cije. Wasu 'yan wannan rukuni ma an janye su: hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da finolfitalin a 1999, saboda alamun kansa da aka gani a gwajin dabbobi.

Inda illar take

Matsalar tana farawa ne daga wani ɗan ruɗani. Idan magani ya kwashe babban hanji kakaf, sai hanjin ya ɗauki kwana biyu ko uku kafin ya sake cika. Mutum yana ganin shiru sai ya ɗauka taurin ne ya dawo, ya sake sha, wannan karon ya ƙara. A haka gudawa take zame masa jiki, har ya riƙa ɗaukarta a matsayin lafiya.

Kowace gudawa tana tafiya da ruwa da fotasiyam. Da jiki ya ji ruwa ya ragu, sai ya saki sinadarin aldositeron domin ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, amma ladan wannan aiki shi ne ƙodar tana zubar da ƙarin fotasiyam ta fitsari. Asarar ta zama ta ƙofa biyu. Fotasiyam a jinin mai lafiya yana tsakanin milimol 3.5 da 5.0 a lita. Idan ya faɗi ƙasa, tsoka tana yin rauni, ƙafa ta riƙa ɗaurewa, bugun zuciya ya rikice, wanda kan iya kaiwa ga mutuwa. Shi kansa hanjin tsoka ne, don haka ƙarancin fotasiyam yana ƙara masa nawa, taurin ya ƙaru, mutum ya ƙara magani. Haɗarin ya fi tsanani ga mai shan furosemaid ko wani maganin sa fitsari na hawan jini, da mai shan digoksin. Idan abin ya yi nisa, ƙoda ma tana taɓuwa. Irin wannan shan ba bisa ƙa'ida ba ne ya sa hukumar magunguna ta Birtaniya ta rage girman fakitin da ake sayarwa a shaguna a 2020.

A ra'ayin mai wannan nazari, dafaffen filasko ya fi ƙwayar kemis ban tsoro, domin ƙwaya an san miligiram ɗinta, shi kuwa cikin hannu na ganye ba wanda ya san ƙarfinsa. Man zurma kuma bai dace da mai juna biyu ba ko kaɗan, don yana iya tayar da naƙuda.

Misali

A ƙaddara mace mai shekara 42, wadda ta fara shan bisakodil ɗaya bayan haihuwa, lokacin tana kan ƙwayar ƙarin jini. Bayan shekara uku ta kai huɗu kowane dare, tana haɗawa da shayin rage ƙiba. Ta zo asibiti da kasala da faɗuwar gaba, gwajin jini ya nuna fotasiyam 2.9.

Matakin farko shi ne tambaya da dubawa. Akwai jini a bayan gida? Ta rame ba dalili? Tana da ƙarancin jini, ko wani a danginta ya yi kansar hanji? Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tura ta leƙen hanji, kada a fake da cewa basir ne. Sai a bi magungunanta ɗaya bayan ɗaya, domin ƙwayar ƙarin jini, da taramadol, da kodin, da amitiriftilin duk suna busar da ciki. A yi hoton bugun zuciya, a mayar mata da fotasiyam ƙarƙashin kulawa, a sake gwaji.

Shayin a ajiye shi nan take. A ɗora ta a kan magani mai janyo ruwa cikin bayan gida ba tare da zaburar da jijiya ba. Wanda ya fi ƙarfin hujja shi ne makurogol, giram 17 a kofin ruwa kullum. Idan babu, laktulos mililita 15 sau biyu a rana, ko da yake yana kumbura ciki kuma yakan ɗauki kwana biyu kafin ya kama. Da bayan gidan ya yi laushi, sai a riƙa rage bisakodil, misali ƙwaya ɗaya kowane mako, har ya koma na agaji, wanda za ta sha kawai idan ta yi kwana uku ba ta zaga ba.

Akwai abin da wajibi ne a gaya mata tun kafin ya faru. Cikin kwanakin farko ƙafafunta za su iya kumbura, nauyinta ya hau, domin ƙoda ba ta daina riƙe ruwa ba tukuna. Wannan yana bajewa da kansa cikin makonni. Wadda ba a sanar da ita ba, a nan take komawa ruwa, ko ta nemi maganin sa fitsari, wanda zai ƙara kwashe fotasiyam ɗin.

Abinci kuwa, babba yana bukatar giram 25 zuwa 30 na harzar abinci a rana, kuma akwai ta a wake, da zogale, da rama, da kuɓewa, da gwanda, da gero ko dawar da ba a surfe ƙwarai ba. A ƙara a hankali cikin makonni, tare da isasshen ruwa, musamman a bazara da lokacin azumi. Ta riƙa zagawa bayan karin kumallo, lokacin da hanji yake motsi da kansa, kada ta wuce minti biyar zuwa goma, kada ta yi ta yunƙuri. Tsuguno yana miƙar da hanyar fita. Mai masai na zama sai ya ɗora ƙafafunsa a kan 'yar kujera.

Iyakar wannan tsari

Ba kowa ne wannan zai warkar ba. Akwai waɗanda bayan gidansu da laushi amma tsokar dubura tana matsewa a lokacin da ya kamata ta saki. Maganinsu horar da tsokar ne a wurin ƙwararru, ƙara magani ba ya amfanarsu. Akwai kuma masu kansa da ke shan mofin, waɗanda filasko mai awo na yau da kullum ya zame musu dole, kuma hana su zalunci ne. Mai ciwon ƙoda ya guji magunguna masu maganiziyam. Wanda cikinsa ya kumbura, yana amai, ko tusa ba ta fita, kada a ba shi kowane irin maganin wankin ciki, a garzaya da shi asibiti domin hanji na iya toshewa.

Kira ga likitoci da masu kemis shi ne, duk wanda ya dawo sayen waɗannan ƙwayoyi a kai a kai, a tambaye shi nawa yake sha da tun yaushe, in ya haura wata guda a tura shi asibiti a duba shi, a gwada fotasiyam ɗin jininsa.