Faɗuwar Darajar Naira da Kuɗin Aiken 'Yan Ci-Rani: Nazari kan Hanyar Kano zuwa Maraɗi da Damagaram

Tsakure

Wannan maƙala ta sake duba ra'ayin da ke cewa kuɗin da 'yan ci-rani ke aikawa gida garkuwa ne ga iyalansu. Ta nuna cewa a tsakanin Nijeriya da Nijar farashin canji na iya cinye rabin aiken tun kafin ya isa gida, kuma wanda ya yi lissafi da farashin hukuma zai zuzuta asarar.

Waiwayen ayyukan magabata

Oded Stark da David Bloom, a 1985, sun kafa ra'ayin cewa iyali ne ke tura ɗansu ci-rani domin raba ƙafa: idan damina ta ƙi a gida, aikin birni ya rufa asiri. Dilip Ratha na Bankin Duniya ya ƙara a 2003 cewa kuɗin aike sun fi jarin ƙetare tsayuwa a lokacin tangarɗa. Ba mu musun wannan. Inda muka sha bamban shi ne, duka bayanan biyu sun fi dacewa da ma'aikacin da ake biya da kuɗi mai ƙarfi. Ɗan Damagaram da ke tura kurar ruwa a Kano naira yake samu, iyalinsa kuma sefa suke kashewa, wadda ke ɗaure da yuro a kan 655.957. Dean Yang ne ya fi kusantar matsalarmu, domin a 2008 ya nuna yadda sauyin canji bayan rikicin kuɗi na Asiya na 1997 ya sauya abin da 'yan Filifin ke aikawa gida.

Hanyar bincike

An kwatanta farashin canji na hukuma da na 'yan canji a watan Mayun 2023 da farkon Fabrairun 2024, aka ɗora su kan aike na misali na naira 50,000. A lokutan biyu dala ɗaya tana kusan sefa 600.

Sakamako

Kasuwar aikin da ɗan ci-rani ke shiga ta cunkushe tun kafin naira ta faɗi. Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, yayin da atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Da yawa daga ma'aikatan da aka sallama sun koma acaɓa, gadi da ƙananan sana'o'i, wato inda baƙi suka saba samun na abinci. Inda masu neman aiki suka yi yawa, da wuya lada ta bi tashin farashi.

Babban sakamakon yana wajen canji. A Mayun 2023 hukuma na sayar da dala a kusan naira 460, 'yan canji kuwa kusan 750. A watan Yuni Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin, kuma zuwa farkon Fabrairun 2024 dala ta kai wajen naira 1,500 a kasuwannin biyu.

Idan aka bi farashin hukuma, naira 50,000 ta tashi daga sefa 65,000 ta koma 20,000, asarar kusan kashi 70 cikin ɗari ke nan. Sai dai mai ga-ruwa bai taɓa samun dala a kan 460 ba. Wajen ɗan canji yake zuwa, ko ya ba direba ko ɗan garinsu saƙo. A wannan farashi kuɗinsa sefa 40,000 ne tun farko, suka koma 20,000. Asararsa ta gaskiya rabi ce. Mai nazarin da ya mayar da kuɗin aike zuwa dala da farashin hukuma zai ga rugujewar da ta fi ta zahiri, alhali wani ɓangarenta gyaran lissafi ne kawai.

Rabin ma ba ƙaramin abu ba ne. Kafin ɗan ci-rani ya aika sefa 40,000 kamar da, sai ya tara naira 100,000, a lokacin da cire tallafin man fetur ya tsadar da sufuri, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30. Mafitar da ta rage masa ita ce ya sayi hatsi a Dawanau ya aika, ya kauce wa canji. Ita ma an toshe ta a lokacin, domin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Nijeriya ta rufe iyakarta da Nijar. Ashe garkuwar ta yi rauni ne daidai lokacin da aka fi bukatarta.

Iyakokin bincike

Lissafin na misali ne, an bi ta dala maimakon farashin naira da sefa na bakin iyaka, kuma bai haɗa da ladar mai kai saƙo ba. Waɗannan za su iya motsa alƙaluman kaɗan, amma ba za su kawar da tazarar da ke tsakanin farashin biyu ba.

Kammalawa

Duk nazarin da zai auna kuɗin aike a wannan hanya ya kamata ya yi amfani da farashin da ɗan ci-rani ya biya da hannunsa, ya kuma ƙirga buhunan hatsi tare da tsabar kuɗi.