Man Girki na Jabu: Abin da Murfi, Takarda da Rubutu Ke Tonawa a Hoto

Kaso mai yawa na man girkin roba da ake sayarwa a shagunan Zuru, a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, daga nesa yake zuwa, ta hannun dillalan manyan kasuwanni irin su Singa da ke Kano ko ta hanyar Kontagora. Nisan tafiya da matsalar tsaro a wasu hanyoyin masarautar sun sa 'yan kasuwa da dama, daga Zuru har Ribah, Mahuta da Dirin Daji, sun koma yin saro ta waya. Dillali ya turo hoto ta WhatsApp, mai shago ya tura kuɗi, direba ya kawo kaya. A irin wannan ciniki hoto ne kaɗai shaidar da mai saye yake da ita kafin kuɗinsa su fita.

Hoto yana iya tona asirin man da aka yi wa algus, amma ba ya iya wanke mai daga zargi. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida zai amfana da hoton ba tare da ya jingina da shi fiye da kima ba.

Algus iri biyu ne

Na farko shi ne ɗure. Ana tattara robobin kamfani da aka riga aka yi amfani da su, a wanke su sama-sama, a ɗura musu man awo mai arha daga jarka ko durom, a sake rufewa. A nan robar ta gaskiya ce, takardar jikinta ma ta gaskiya ce, abin da ke ciki ne ba na kamfanin ba. Don haka murfi ne yake tona wannan.

Na biyu shi ne jabu baki ɗaya, inda ake samo sabbin robobi, a kwaikwayi takardar wani sanannen kamfani a buga, a manna. Murfin wannan yakan zo sabo fil, a rufe yadda ya kamata, saboda haka ingancin bugun takardar ne yake tona shi.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Tun 2002 Najeriya ta wajabta ƙara sinadarin bitamin A a man girki, sukari da fulawa, kuma ma'aunin da aka gindaya wa mai shi ne IU 20,000 a kowane kilo. Babu mai ba da tabbacin cewa man ɗure yana da wannan sinadari, ko cewa bai tsufa ba, ko cewa robar da aka zuba shi ba ta taɓa ɗaukar wani abu daban ba.

Hotunan da ya kamata a nema

Hoto ɗaya na gaban roba ba ya isa, domin nan ne masu algus suka fi gyarawa. Huɗu ake buƙata: gaban robar gaba ɗaya, bayanta inda ƙananan rubutu suke, murfi daga gefe a kusa sosai, da kuma wurin da aka buga kwanan wata. A ɗauke su a hasken rana, ba tare da fitilar waya ba, domin ƙyallin roba yana ɓoye kurakurai.

WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kaifi, har rubutun gaskiya ya yi kama da na jabu. Maganin wannan shi ne a turo shi ta zaɓin Document, ko a danna HD kafin turawa. Kuma don a tabbatar hoton kayan da ake ciniki ne, ba wanda aka kwaso daga intanet ba, a nemi dillali ya ajiye takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar a gefen robar.

Murfi

A ƙarƙashin murfin yawancin robobin mai akwai zobe da ke haɗe da murfin ta wasu siraran haƙora. Buɗewar farko tana karya haƙoran, zoben ya zauna a wuyan robar. A robar da ba a taɓa ba, haƙoran suna nan daidai da juna, tazarar da ke tsakanin murfi da zobe iri ɗaya ce a kewaye, kuma murfin yana zaune a miƙe.

Masu ɗure suna da dabaru uku, kuma kowace tana barin sawu. Wasu suna tausasa murfin da ruwan zafi su zare shi tare da zobensa. Wannan yakan bar zoben a karkace ko a buɗe, da farin tabo inda robar ta miƙe, wani lokaci da kurjin wuƙa a wuya. Wasu suna liƙe haƙoran da suka karye da gam ko da zafin ƙarfe. A hoton kusa ana ganin ƙyalli, dunƙule ko narkewa a wuri ɗaya ko biyu. Na uku suna sayen sababbin murafu, kuma abin da ke tona su shi ne rashin dacewa: murfi sabo yana sheƙi a kan roba mai kurji da lotsewa, ko launinsa ya bambanta da wanda kamfanin ya saba, ko tambarin da ake gani a saman murfin asali ya ɓace.

Ledar da ake naɗe murfi da ita ba hujja ba ce, domin ana sayar da irinta a kasuwa kuma zafi kaɗan ke ɗame ta. Maiƙo da ƙura da suka taru a ƙarƙashin ledar ko a lungun hannun galan sun fi ta faɗin gaskiya.

Abin da takardar ta ƙunsa

Dokokin Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, sun wajabta wa kowane abincin da aka ƙunshe ya nuna sunansa, abin da aka haɗa shi da shi, yawansa, suna da adireshin mai yin sa, lambar rukuni, ranar da aka yi shi, ranar ƙarewar amfaninsa da lambar rajista. A jikin roba ana ganin su da alamomi irin su BN, MFD, BB ko EXP, da NAFDAC REG. NO. Man da aka ƙara wa bitamin A kuma yana ɗauke da tambari mai siffar ido. Rashin ɗaya daga cikin waɗannan, ko adireshi da bai wuce sunan ƙasa ba, ya isa a dakatar da ciniki.

Sai dai samun lambar rajista ba ya tabbatar da komai shi kaɗai, domin mai jabu yana kwafe ta kamar yadda yake kwafe sauran. Abin da ya fi wahalar kwaikwayo shi ne lambar rukuni da kwanan wata. A masana'anta ana buga takardu da yawa tun da wuri, sannan wata na'ura daban ta fesa lambar rukuni da kwanan wata a lokacin cikawa, yawanci da ƙananan ɗigo-ɗigo, a kafaɗar roba, a murfi ko a wani fili da aka bari a takardar. Idan kwanan watan ya fito da irin harufa da launin sauran rubutun, ko an manna ƙaramar takarda a kansa, ko wurin ya yi dusu-dusu kamar an goge, akwai dalilin zargi.

Ingancin bugu

Mai jabu yakan ɗauki hoton takardar asali ya sake bugawa, kuma kowane kwafi yana rasa kaifi. Manyan harufan suna iya fitowa da kyau, don haka a faɗaɗa hoton a kan mafi ƙanƙantar rubutu, wato jadawalin sinadarai da adireshi. A takardar asali kowane harafi yana tsaye shi kaɗai. A kwafi harufan suna cuɗewa, bakinsu ya yi gashi-gashi, launi ya zarce iyakarsa ya bar inuwa. Layukan lambar sikanin kanti suna manne wa juna, gefen takardar ya nuna yankan almakashi, kuskuren rubutu ya bayyana.

Launi shi kaɗai yana ruɗarwa, domin haske da nau'in waya suna canza shi. Kamfanoni kuma suna sauya fasalin takardunsu lokaci zuwa lokaci. Hanya mafi aminci ita ce a ɗauki hoton robar da aka saya kwanan nan daga wakilin kamfani, a jera hotunan biyu.

Misali

A ɗauka wani mai shago a Zuru yana son katan 20 na robar lita 3, dillali ya turo hoton robobi uku da ya ce daga katan ɗaya ya ciro su. Takardun suna da kaifi, lambar rajista da tambarin ido suna nan, don haka zargin bugun jabu ya yi rauni. Amma a hoton kwanan wata robobin suna ɗauke da lambobin rukuni uku daban-daban, da tazarar watanni a tsakaninsu, alhali robobin katan ɗaya da suka fito daga masana'anta yawanci rukuninsu ɗaya ne, kuma shi ne aka buga a jikin kwalin. Man da ke ɗaya ya kai wuya, na biyun ya tsaya a kafaɗa, bambancin da na'urar cikawa ba ta yi. A murfin ta uku akwai ƙyallin gam a kan zobe.

Kowace alama ita kaɗai tana iya samun uzuri, amma haɗuwar ukun tana nuna tsofaffin robobi ne aka tattaro aka yi wa ɗure. Gwaji na ƙarshe kafin yanke hukunci shi ne a nemi hoton robar a kan sikeli. Lita ɗaya ta man girki ba ta kai kilo ɗaya ba, kusan giram 910 zuwa 920 ce, saboda haka lita 3 za ta kai kimanin kilo 2.7, sai ɗan nauyin robar a kai. Abin da ya gaza haka sosai an tauye shi.

Iyakar hoto

Hoto ba ya jin wari, ba ya gane man da ya tsufa ko wanda aka gauraya, kuma ba ya auna bitamin A. Wannan aikin ɗakin gwaji ne. Haka nan gajimare ko daskarewar mai a lokacin hunturu ba alamar jabu ba ce, domin man da aka tace daga kwakwar manja yana yin haka idan ya ji sanyi. Kuma dillali yana iya nuna roba mai kyau ya aiko da wata, shi ya sa ake sake duba lambar rukuni idan kaya suka iso, a gwada da wadda ke hoton.

Wanda ya ci karo da man da yake zargi ya ajiye robar da murfinta da kwalin yadda suke, tare da shaidar tura kuɗi da hotunan da aka turo masa. Da waɗannan ake kai koke ga ofishin NAFDAC na jiha da ke Birnin Kebbi, ko ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, ko ga kamfanin da aka yi amfani da sunansa, wanda zai iya duba lambar rukunin a kundinsa ya faɗi ko daga gare shi ta fito.