Lambar da na'ura ta ɗauka a matsayin rubutu: dalilin da ke sa jimilla ta ƙi cika

Ƙungiyoyin manoma da bankunan cimaka da asusun mata da yawa suna ajiye lissafinsu a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Akan yi aiki da Excel, wato jadawali mai ƙananan gidaje inda ake zuba lambobi, na'ura kuma ta haɗa su. Akwai wani kuskure da yake yawan aukuwa a wannan aiki. Lamba tana nan cikin gidanta, ido yana ganinta, amma na'ura ba ta ƙidaya ta ba.

Dalili shi ne, a wurin na'ura, abin da ke cikin gida iri biyu ne: lamba ko rubutu. Lamba ita ce ake tarawa, a debe, a raba. Rubutu kuwa, kamar sunan mutum ko sunan gari, ajiye shi kawai take yi. Idan ta ɗauki 10000 a matsayin rubutu, to daidai yake da kalmar "Tasawa" a gare ta, ba za ta sa shi cikin jimillar layi ba.

Misalin wani bankin cimaka

A ce mutum shida sun biya kuɗin hatsin da suka ɗauka lokacin damina. Magatakarda ya rubuta kuɗin a layin B, daga gida na 2 zuwa na 7, kamar haka:

```
B2  15000
B3  20000
B4  12.500
B5  10000
B6  7500
B7  25000 sefa
```

Wanda ya yi lissafi da alƙalami zai samu 90000, kuma abin da ke cikin akwatin ma'aji ke nan. Amma da magatakarda ya rubuta `=SOMME(B2:B7)`, sai na'ura ta ba shi 42500. An rasa 47500. Ranar taro, takarda za ta faɗi wani abu, akwati ya nuna wani. Idan kuwa a layin kuɗin da aka kashe ne abin ya faru, takarda za ta nuna an kashe kaɗan, sai a nemi ma'aji ya fito da kuɗin da ba su hannunsa, alhali bai ci ko dala ba.

Gida uku ne na'ura ta tsallake, kowane da dalilinsa. A B7 an haɗa lamba da kalmar "sefa", don haka duka ya zama rubutu. A B4 an sa ɗigo don raba dubbai, yadda mutane da yawa suka saba rubutawa a takarda. Na'urar da aka saita da Faransanci ba ta karɓar wannan ɗigo cikin lamba, domin a tsarinta waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da guntunta, kamar 12,5. Gidan B5 ya fi wuyar ganewa, don babu wani aibi a rubutunsa. Tun kafin a zuba lambar ne aka sa wa gidan siffar `Texte`, saboda haka duk abin da ya shiga ciki rubutu ne.

Abin da ya sa wannan kuskure ke da haɗari shi ne `SOMME` ba ta yin gargaɗi. Tana wuce rubutu shiru, ta ba da jimillar sauran. Da magatakarda ya haɗa gidajen ɗaya ɗaya da alamar tarawa, wato `=B2+B3+B4+B5+B6+B7`, da na'ura ta rubuta masa `#VALEUR!` saboda B4 da B7. Wannan saƙo yana tsorata sabon mai koyo, amma ya fi alheri, domin ya nuna akwai matsala tun kafin takarda ta je taro.

Yadda ake ganewa

Ku fara duba inda lambar ta jingina. Idan ba a taɓa tsarin gidan ba, lamba tana tsayawa ta hannun dama, rubutu kuma ta hannun hagu. Duk lambar da ta koma hagu alhali ƴan uwanta suna dama, abar tuhuma ce. Sai dai wannan alama tana ɓacewa idan wani ya jera komi a tsakiya don jadawalin ya yi kyau.

Wani lokaci ana ganin ɗan koren tabo mai kusurwa uku a saman gidan, ta hagu. Zai fito a gida irin B5. Kada ku jira shi a B7, don na'ura tana ganin kalma ce aka yi niyyar rubutawa.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce a sa na'ura ta ƙidaya gidajen sau biyu, a gidaje biyu da babu komi:

```
=NB(B2:B7)
=NBVAL(B2:B7)
```

Ta farko tana ƙidaya gidajen da ke da lamba kaɗai. Ta biyu tana ƙidaya duk gidan da ke da wani abu a ciki. A misalinmu ta farko za ta ba da 3, ta biyu ta ba da 6. Bambancin ya nuna gida uku ba su shiga lissafi ba. Wannan gwaji ya fi amfani idan sunaye sun kai ɗari biyu, inda ido ke gajiya. Ya kamata a bar shi a ƙarƙashin jimilla kullum. Mai aiki da Excel na Ingilishi zai ga sunayen sun bambanta: `SUM`, `COUNT`, `COUNTA` da `#VALUE!`, aikin kuwa ɗaya ne.

Gyara

Kafin komi, ku ajiye kwafin jadawalin da wani suna.

Gidan B7 ba ya da wuya. A share kalmar, a bar 25000. Idan ana so a san kuɗin sefa ne, a rubuta haka sau ɗaya a kan layin, can sama. Haka ma tiya da buhu da kilo.

Don B5, ku danna gidan, sannan ƙaramar alamar da ta fito kusa da shi, ku zaɓi `Convertir en nombre`. Mutane da yawa sukan canza siffar gidan kawai daga `Texte` zuwa `Standard`, su ga jimilla ba ta motsa ba. Canza siffa ba ya isa, domin abin da ke ciki yana nan a matsayin rubutu. Bayan canzawar, sai an danna `F2` sannan `Entrée` don na'ura ta sake karanta shi.

Gidan B4 yana son natsuwa. Akan ba da shawara a mayar da kowane ɗigo ya zama waƙafi. Shawarar tana da kyau idan ɗigon na guntun lamba ne, kamar takardar da ta zo daga Najeriya inda ake rubuta kilo biyu da rabi 2.5. A nan kuwa ɗigon na dubbai ne. Idan aka mayar da shi waƙafi, 12.500 zai zama 12,5, wato goma sha biyu da rabi. Na'ura za ta karɓe shi a matsayin lamba, `NB` da `NBVAL` su daidaita, amma jimilla ta fito 77512,5. Abin yi shi ne a cire ɗigon gaba ɗaya, a rubuta 12500. Idan akwai shakka a kan abin da aka yi nufi, a koma ga rasit ko littafin ma'aji. Da an gyara gidajen uku, jimilla za ta koma 90000.

Akwai lambobin da ya kamata a bar su a matsayin rubutu da gangan, domin ba a tara su. Lambar tarho tana cikinsu. Idan aka rubuta ta da 00227 a gaba cikin gidan lamba, na'ura za ta jefar da sifiri biyun farko. Lambar katin ɗan ƙungiya irin 007 ita ma za ta koma 7. Irin waɗannan a ba su layinsu dabam, a sa masa siffar `Texte` kafin a fara zubawa.