Sakamakon ɗalibi: Abin da ya sa maki ɗaya kan ba da kashi 70 ko kashi 53

A ƙarshen kowane zangon karatu, iyaye a unguwannin cikin birnin Kano irin su Yakasai da Mandawari kan karɓi katin sakamakon 'ya'yansu, su dubi lambar ƙarshe kawai. Sai dai hanyoyi biyu ne ake bi a fitar da wannan lamba, kuma ba kullum suke ba da amsa ɗaya ba.

A makarantu da dama, gwaje-gwajen aji na ɗaukar maki 30, jarrabawar ƙarshen zango kuma 70. A ɗauka wata ɗaliba ta ci 9 cikin 10 a gwajin farko, 16 cikin 20 a na biyu, sannan 28 cikin 70 a jarrabawa, wato kashi 90 da 80 da 40 cikin ɗari. Idan malami ya tara waɗannan kason ya raba gida uku, za ta tashi da kashi 70. Idan kuwa makin da ta ci ya tara, 53 ke nan cikin 100. A ma'aunin da makarantun sakandare da yawa suka aro daga WAEC, na farko B2 ne, na biyu C6.

Bambancin daga nauyi ya samo asali. Da zarar an mayar da maki zuwa kaso, girman gwajin ya ɓace, kowanne ya samu sulusin sakamakon. Ta haka maki ɗaya a gwajin farko ya yi daidai da maki bakwai na jarrabawa. Tara maki kuwa yana barin jarrabawar da nauyinta na 70.

Kuma ba kullum ɗalibi ke cin riba ba. Yaron da ya ci 3 da 8 a gwaje-gwajen, ya dage ya ci 56 a jarrabawa, jimillarsa 67 ce, amma matsakaicin kasonsa 50 ne. Ya yi asarar maki 17 ba tare da an taɓa takardarsa ba, har ya koma bayan ɗalibar da ya fi.

Hanyoyin biyu kan dace idan makin gwaje-gwajen ɗaya ne, ko ɗalibin ya ci kaso ɗaya a dukkansu.

Bai wa kowane gwaji nauyi ɗaya ba laifi ba ne, matuƙar da gangan aka tsara shi. A jarrabawar JAMB, Turanci na da tambayoyi 60, sauran darussa uku 40 kowanne, amma duka a kan maki 100 ake auna su, jimilla 400. Matsalar ita ce makaranta ta sanar da tsarin 30 da 70, sannan a yi lissafi da wani daban.

Gane hakan ba shi da wuya. Uba ya nemi ainihin makin kowane gwaji, ya tambayi cikin nawa aka ba da shi, ya tara da kansa. Idan an yi gwajin a kan maki 50 alhali gurbinsa a katin 10 ne, sai an raba makin gida biyar kafin a tara.