Kunun jariri ɗan wata shida a ƙauyukan Hausawan Jazira da Bulu Nayil: kauri, haɗi da tsafta

A Mai Wurno da ke bakin kogin Bulu Nayil kusa da Sinnar, da sauran ƙauyukan Hausawa daga yankin Wad Madani har zuwa Damazin, abincin farko da ake ba jariri bayan nonon uwa kusan kullum kunu ne na dawa ko na gero. Maƙwabta masu jin Larabci suna da sunaye biyu: nasha, wato mai ruwa-ruwa da ake kurɓa, da madida, mai kauri da ake ci da cokali. Wannan bambanci yana da amfani, domin abin da jariri ɗan wata shida yake bukata ya fi kusa da madida, alhali abin da aka fi ba shi nasha ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida, sannan a fara ƙara masa abinci, a kuma ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Alamar ya isa ita ce yana riƙe kansa da kyau, yana zama idan an tallafe shi, yana kuma buɗe baki idan cokali ya nufo shi.

Me ya sa kunu mai ruwa ba ya ƙosarwa

Cikin jariri ƙarami ne. Ana ƙiyasta cewa yana ɗaukar kamar mililita 30 a kan kowane kilo na nauyin yaron, don haka jariri mai kilo 7 ba zai wuce mililita 210 a zama ɗaya ba, kuma wanda yake koyon ci ba ya ko kusantar haka. Daga wata shida zuwa takwas, yaron da ke shan nono yana bukatar kamar kalori 200 a rana daga ƙarin abinci.

To, a ɗauki kunun da aka dama da babban cokali ɗaya na gari, kamar giram 10, a cikin ruwa mililita 200. Abin da ke cikinsa duka bai wuce kalori 35 ba. Nonon uwa mai wannan yawa yana da kalori kusan 130. Ke nan uwar da ta cika cikin ɗanta da irin wannan kunu ta ba shi abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na nononta ba, kuma da yake cikinsa ya cika, zai rage tsotso. Yaron yana sha, uwa tana ganin kwano ya ƙare, amma idan aka ɗora shi a ma'auni a asibiti wata biyu a jere sai a ga nauyin yana nan inda yake.

Gwajin kauri ba ya bukatar wani kayan aiki. A ɗebi kunun da cokali bayan ya huce, a karkata shi. Idan ya zube nan take kamar shayi, ya yi ruwa. Idan ya tsaya a kan cokalin sannan ya sauka a hankali, ya yi daidai. Idan ya maƙale bai motsa ba kamar asida ko tuwo, ya yi wa ɗan koyo tauri. Duk kunun da zai iya bi ta bakin kwalbar shayarwa bai kai kaurin da ake so ba, kuma kwalbar kanta tana da wuyar wankewa. Kwano da ƙaramin cokali sun fi.

Gari da garin tsiro

A tsince hatsin, a wanke, a surfa sama-sama, a shanya, a niƙa, sannan a tankaɗe da rariya mai laushi sau biyu. Tsakin da ya rage shi ke sa jariri kakari. Idan akwai zaɓi, farar dawa irin su Tabat ta fi dacewa da dawar da ke da ɗacin fata, domin sinadarin da ke kawo wannan ɗaci yana hana jiki cin moriyar ƙarfen da ke cikin abinci. Ƙullun da ya kwana ya yi ɗan tsami, irin wanda ake yin kisra da shi, shi ma yana da kyau: tsamin yana rage yaɗuwar ƙwayoyin cuta, yana kuma sa jiki ya fi samun ƙarfe da zinki. Sai dai dole a dafa shi sosai. Damun koko da ake yi a Kano ko Maraɗi, inda ake sheƙa tafasasshen ruwa a kan gasara a rufe, bai isa ba ga jariri. A mayar da shi wuta.

Matsalar ita ce idan aka ƙara gari don kunu ya yi ƙarfi, sai ya yi tauri. Maganin wannan yana nan a kowane gida da ake yin hilu-mur kafin azumi, wato dawar da aka tsirar, wadda ake kira zirri'a. Hatsin da ya tsira yana ɗauke da wani sinadari da ke narkar da sitaci, don haka ɗan garinsa kaɗan yana sassauta kunu mai tauri ba tare da an ƙara ruwa ba.

Ana jiƙa hatsi dare ɗaya, a baza a kan buhu mai tsafta, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa kwana biyu zuwa uku har ya tsira, sannan a shanya a rana ya bushe ƙayau. A nan akwai matakin da ba a tsallakewa: a murje tsiron da saiwoyin da hannu, a sheƙe su, a niƙa ƙwayar kawai. Tsiron dawa yana da guba irin ta ɗanyen rogo mai ɗaci, ita ce ma take kashe dabbar da ta ci ƙaramar karan dawa. Idan hatsin ya yi fumfuna yayin tsirarwa, a zubar da shi duka.

Kwano ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe

Ga lissafin rabin kofi, wato kamar mililita 125. A ɗebi babban cokali biyu na garin dawa ko gero, kamar giram 20. A dama shi da ɗan ruwan sanyi mai tsafta har ya zama babu gudaji. Garin da aka zuba kai tsaye cikin ruwan zafi shi ke dunƙulewa. A tafasa ruwa kamar mililita 150, a zuba damammen garin ana juyawa, a rage wuta, a bar shi yana ɓararraka minti goma. Zai yi kauri sosai, har uwa ta ji kamar ta ƙara ruwa. Kada ta ƙara.

A sauke, a bar shi minti biyu ko uku ya rage zafi, domin tafasasshen kunu yana kashe ƙarfin garin tsiro. A barbaɗa rabin ƙaramin cokali na garin tsiron, a juya, a rufe minti biyar zuwa goma. Za a ga ya saki. Sai a zuba ƙaramin cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko man riɗi, a mayar da tukunya wuta ta sake tafasa minti biyu, saboda garin tsiron ɗanye ne. Wannan tafasa ta biyu ita ce kuma ke tsayar da narkewar, don kada kunun ya tsinke gaba ɗaya.

Garin ya ba da kalori kamar 70, gyaɗar 30, man kuma 40. Jimla kalori 140 ke nan a rabin kofi, ninki huɗu na wancan kofi mai ruwa da ya fi shi yawa. Inda babu garin tsiro, sai a rage garin zuwa cokali ɗaya da rabi, man da gyaɗar za su taimaka wajen laushi.

A ranakun farko jariri ba zai cinye wannan ba. Ana farawa da babban cokali biyu zuwa uku, sau biyu a rana, bayan ya sha nono, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofi sau biyu ko uku a rana. Idan ya turo kunun da harshe, koyo yake yi, ba ƙi ba. Ɗura, wato a kwantar da yaro a toshe masa hanci a zuba kunu da tafin hannu, tana iya tura abinci cikin huhu. A zaunar da shi a cinya, kansa a miƙe, a ɗiga kunun a bayan hannu a ji zafinsa tukuna.

Abin da mai da gyaɗa ba su bayarwa

Mai da gyaɗa suna ƙara ƙarfi, amma ba su cike giɓin ƙarfen jini ba. Ajiyar ƙarfen da aka haifi jariri da ita tana raguwa a daidai wata shida, nono kuma ba shi da shi da yawa. Abin da ya fi cike wannan giɓi shi ne na dabba: ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na hantar kaza ko ta akuya da aka dafa aka murje, sau ɗaya ko biyu a mako, ko kifin kogi da aka dafa aka bi shi da yatsa aka cire ƙaya tas. Ƙwai ma yana da kyau idan ya dahu har gwaiduwar ta daskare. Ranar da babu waɗannan, adas ko waken da aka cire wa ɓawo, a dafa ya yi lugub, a tace ta rariya. Kabewa ko mangwaro nunanne suna kawo bitamin A. Ɗan farin garin 'ya'yan kuka, wanda a Sudan ake kira gongoles, idan aka jiƙa shi da ruwan da aka tafasa aka zuba bayan an sauke kunu, yana taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen da ke cikin wake da hatsi.

A riƙa shigo da sabon abu ɗaya-ɗaya, a bar kwana biyu ko uku tsakani, musamman gyaɗa, riɗi, ƙwai da kifi. Kumburin leɓe ko fuska, borin jini, amai a kai a kai, ko numfashi mai ƙara bayan cin abinci alamu ne na a daina abin a nufi asibiti nan take.

Gyaɗar Jazira tana da yawa, amma a tsince ta da idon basira. Ƙwayar da ta yanƙwane, ta canza launi ko take ɗaci tana iya ɗauke da gubar fumfuna mai lalata hanta, kuma soyawa ba ta kashe wannan guba. Dakwar kasuwa, kamar yadda ake kiran markaɗaɗɗiyar gyaɗa a Sudan, ba a san irin gyaɗar da aka niƙa a cikinta ba. Ta gida ta fi aminci.

Ba a sa gishiri, sukari, kanwa ko yaji. Zuma haramun ce a likitance kafin shekara ɗaya, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Shayi yana hana jiki ɗaukar ƙarfe. Madarar saniya ko ta akuya ana iya dama kunu da ita, amma sai an tafasa ta.

Ruwa da ajiya

Ƙauyuka da yawa a Jazira suna ɗibar ruwa daga magudanan noman rani, kuma tun watan Agustan 2024 da aka sanar da ɓarkewar kwalara a Sudan, wannan batu ya ƙara nauyi. Ruwan da ya kwanta a randa ya yi garau bai zama mai tsafta ba don ya yi haske. Duk ruwan da zai shiga kwanon jariri bayan an sauke tukunya, ko wanda za a ɗauraye cokalinsa da shi, sai wanda aka tafasa ko aka sa wa maganin kulorin. Mai ba da abincin ta wanke hannunta da na yaron da sabulu.

Kunun da aka haɗa da gyaɗa, madara ko ƙwai ba ya jure zafin Sudan. Idan ya wuce awa biyu a ajiye babu firji, ba na jariri ba ne kuma. Wanda cokalin yaro ya riga ya shiga yakan tsinke da kansa saboda yawu, kuma ba a ajiye shi. Uwar da za ta wuni a gona gara ta auna garinta a kwano mai murfi, a dama sabo idan lokacin ci ya yi. Idan yaro ya kamu da gudawa, a ci gaba da ba shi nono da kunu kaɗan-kaɗan tare da ruwan gishiri da sukari na ORS. Idan idanunsa suka faɗa, ya kasa tsotso, ko aka ga jini a kashinsa, a kai shi asibiti a ranar.