Takardar rakiya

takardar rakiya (suna, mace, jam'i: takardun rakiya). Gajeriyar wasiƙa ta cikin ma'aikata da shugaba ke haɗawa da sabon fom don bayyana yadda za a cike shi da ranar fara aiki da shi. An fi ganinta manne da takardar halartar aiki, wadda ma'aikata ke sa wa hannu kullum.

Misali, daga hedimasta a wata makarantar unguwar Gwallaga, Bauchi: "Malamai, daga Litinin kowa ya rubuta sunansa da lokacin isowarsa da biro, ya sa hannu. Da ƙarfe 8:00 za a ja jan layi. Wanda ya zo ƙarƙashinsa ya makara. Lokacin tashi kuwa, sai za a fita ake rubuta shi, har ranar Juma'a."

Mai kyau ita ce wadda ta hana sa wa wani hannu ƙarara. Ana gane wannan maguɗin idan rubutun mutum biyu ya zo iri ɗaya, ko aka ga 7:30 a ƙasan 7:50. Wadda ba ta faɗi wurin ajiye fom da mai karɓarsa ba, aikinta bai cika ba.