Sassan Sunan Balarabe na Dā: Misali da Sunan Suyuɗi

Malamin da ya karanta Tafsirin Jalalaini ya san Suyuɗi, wanda aka haifa a Alƙahira a 1445, ya rasu can a 1505. Amma in ya buɗe littafin tarihin malamai na zamaninsa, ya nemi sunan a harafin sinun, ba zai same shi ba. Dalili kuwa shi ne, cikakken sunan mutumin shi ne Jalaluddini Abul Fadli Abdurrahman bn Abi Bakrin bn Muhammad al-Khudairi al-Suyuɗi, kuma kowane sashe nasa da aikinsa.

Abdurrahman shi ne isimi, watau sunan yanka. A kansa galibin marubuta suke jera mutane. Haka Ibn Khallikan, wanda ya rasu a 1282, ya tsara Wafayatul A'ayan, haka kuma Sakhawi ya tsara Al-Dau'ul Lami'u, inda Suyuɗi yake a harafin ainun. To, da yake masu suna Abdurrahman suna da yawa ƙwarai, sai a rarrabe su da sunan uba, in ya zo ɗaya a wuce ga na kaka.

Wannan jeri na iyaye shi ake kira nasaba, ana haɗa shi da kalmar ibn, watau ɗan, ko bintu ga mace. Mai kwafa yakan tsallake suna ɗaya, musamman inda Muhammad ya biyo Muhammad, sai kaka ya zama uba. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya lissafta iyaye goma tsakaninsa da Khaldun, sa'an nan shi da kansa ya ga sun yi kaɗan. Ya auna da ƙarni uku na mutane a kowace shekara ɗari, ya ga ya kamata su kai kamar ashirin. Ashe kalmar ibn ba kullum take nuna uba mahaifi ba.

Abul Fadli ita ce alkunya, wadda ake farawa da Abu ko Ummu. Asalinta a kira mutum da sunan babban ɗansa don girmamawa, amma a zamanin Suyuɗi ta riga ta zama ado. Malaminsa Izzuddini al-Kinani ne ya sa masa ita, ma'anarta kuwa ma'abucin falala. Saboda haka kuskure ne a ƙirƙira masa ɗa mai suna Fadlu daga alkunyar kaɗai. Har wa yau, mahaifinsa Abubakar ne sunansa na yanka, ko da yake siffar alkunya gare shi. Nahawu ne ya mai da Abu ya koma Abi bayan ibn, ba wani mutum ne dabam ba.

Jalaluddini shi ne laƙabi. A Masar ta zamanin Mamluk kusan kowane malami yana da laƙabin da ya ƙare da addini, har aka saba haɗa wasu da sunaye sanannu, kamar Shamsuddini ga Muhammad, Shihabuddini ga Ahmad. Wannan al'ada takan taimaki mai bincike ya yi kirdado, amma ba hujja ba ce. Mahalli, wanda ya rasu a 1459 bai gama tafsirin ba har Suyuɗi ya cika shi, sunansa Muhammad bn Ahmad, alhali kuwa laƙabinsa Jalaluddini. Daga Jalalu biyun nan littafin ya sami sunansa.

Saura nisba, watau jingina mutum ga gari, ko kabila, ko sana'a, ko mazhaba. Suyuɗi jingina ce ga Asyut a Masar ta Kudu, garin iyayensa, ba mahaifarsa ba. Khudairi kuwa, shi kansa ya rinjayar da cewa daga wata unguwa ce a Bagadaza. Wanda ya ɗauki nisba wurin haihuwa zai ɓata taswirar tarihinsa.

Amfanin tara sassan duka yana fitowa sarai wajen Ibn Hajar. Akwai malamai biyu na Masar da suka shahara da wannan suna, kowannensu Shihabuddini Ahmad, kowannensu kuma Bashafi'e. Na farko Abul Fadli ne, ɗan Ali, al-Asƙalani, mai Fathul Bari, ya rasu a 1449. Na biyu Abul Abbasi ne, ɗan Muhammad, al-Haitami, mai Tuhfatul Muhtaji, wanda ya zauna a Makka, ya rasu fiye da shekara ɗari bayan na farko. Laƙabi da isimi da mazhaba ba su raba su ba, sai alkunya da nasaba da nisba.

Don haka in mai bincike ya tarar da suna guntu a gefen takarda, lalle ne ya fara gano isimi da sunan uba da na kaka, sa'an nan ya gwada su da shekarar rasuwa, kafin ya jingina wa mutum littafi ko fatawa.